Tallan Mai Hoto da Mai Shagon Kyauta a Lokacin Yaye Ɗalibai da Fitowar Sakamako

Daga watan Yuli zuwa Oktoba, masu ɗaukar hoto da masu shagunan kayan kyauta a garuruwanmu suna samun wata kasuwa wadda ba ta kai ta Sallah ba, amma ta fi ta sauran watanni nesa ba kusa ba. Makarantun firamare da na sakandare suna bikin yaye ɗalibai da raba kyaututtuka a ƙarshen zango na uku, hukumar WAEC takan saki sakamakonta a watan Agusta, ta NECO kuma ta biyo baya wajen Satumba ko Oktoba. A Maraɗi da Damagaram ma haka abin yake idan sakamakon BEPC da na BAC ya fito da damina. Iyaye suna son hoton da za su rataye a falo, yayye da gwaggonni suna neman abin da za su riƙe a hannu idan za su je barka. Kuɗin yana nan, niyyar kashe shi ma tana nan. Abin da yake raba shagon da ya cika da wanda ya wuni yana jiran tsammani, sau da yawa, layi huɗu ne ko biyar da mai shago ya rubuta ya ɗora a WhatsApp, ko ya ba gidan rediyo, ko ya sa aka buga masa a kyallen da ya rataye a bakin titi.

Rubuta waɗannan layuka sana'a ce mai zaman kanta, kuma na wannan lokaci sun fi na kowane lokaci wuyar sha'ani. Dalili shi ne, ranar Sallah kowa yana murna, amma ranar fitowar sakamako ba haka take ba. A layi ɗaya akwai gidan da ake rangaɗa guɗa, akwai gidan da yarinya ta shige ɗaki ta ƙi cin abinci saboda ta faɗi lissafi, akwai kuma gidan da aka riƙe sakamakon ɗansu ana bincike, ba su san matsayinsu ba. Duk waɗannan gidaje uku suna da lambar mai shago, duk za su ga abin da ya rubuta, kuma duk kwastomominsa ne a bikin aure da suna na gaba.

Wanda yake ganin masu baƙin ciki a irin wannan rana 'yan tsiraru ne, ya dubi abin da ya faru a 2025. Ranar 4 ga Agusta WAEC ta sanar a Najeriya cewa kashi 38 cikin ɗari ne kawai suka sami kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da lissafi. Bayan kwana huɗu hukumar ta ce an yi kuskure wajen duba wani ɓangare na takardar Turanci, ta ba da haƙuri, ta sake fitar da sakamakon, adadin ya koma kusan kashi 63. Abu biyu mai shago zai ɗauka daga nan. Na farko, ko bayan gyaran, fiye da ɗalibi ɗaya cikin uku bai sami abin da ake buƙata don shiga jami'a ba. Na biyu, sakamako yana iya canzawa bayan an sanar da shi, don haka duk wanda ya yi gaggawar buga maki a jikin firem ko kofi tun ranar farko yana iya wayar gari da kayan da ba wanda zai karɓa.

Saboda haka ni a ganina talla ta wannan lokaci gara a jingina ta da kammala karatu, kada a jingina ta da maki. Duk yaron da ya zauna jarrabawar ƙarshe ya yi shekara shida a sakandare, an biya masa kuɗin makaranta, an ɗinka masa yunifom, an tashe shi da asuba. Wannan ya riga ya tabbata, ba hukumar da za ta soke shi. Idan ka rubuta "Ɗanku ya kammala sakandare, ku zo mu ɗauke shi hoto da ku", ka yi magana da dukan gidajen nan uku. Idan ka rubuta "Rangwame ga masu A1 kawai", ka yi magana da gida ɗaya cikin gidaje da yawa, sauran kuma ka fama musu ciwo.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. Mu ce akwai wani mai situdiyo a wata unguwa a Zariya, shi da yaronsa ɗaya, kyamara ɗaya, ba shi da injin wankin manyan hotuna, sai ya kai wani wuri a wanke masa, mai firem kuma yana ɗaukar kwana uku. Ga irin tallar da ya saba rubutawa, wadda kowa ya sha ganin irinta:

"Albishirinku! Gagarumin rangwame! Muna taya dukan zakarun da suka lashe WAEC murna. Ku garzayo situdiyonmu domin samun hotuna masu inganci a farashi mai rahusa. Kashi hamsin rangwame ga duk wanda ya zo da sakamakonsa. Sai kun zo!"

Ba ƙarya a cikinta, kuma da zuciya ɗaya aka rubuta ta. Amma uwar da ta karanta ba ta san girman hoton ba, ba ta san ko da firem ba ne, ba ta san nawa za ta riƙo ba, ba ta san ranar da za ta karɓa ba, ba ta ma san inda shagon yake ba. "Inganci" da "rahusa" kalmomi ne da mai sayar da siminti ma yake faɗa, don haka kunne ya daina jin su. Mace mai lissafin cefane ba ta fita da yara uku ta hau adaidaita sahu don kawai ta je ta tambayi farashi. Idan ba ta ga kuɗin a rubuce ba, sai ta ɗauka ya fi ƙarfinta, ta wuce.

Sai maganar "kashi hamsin". Kafin a rubuta ko da kalma ɗaya, alƙalamin lissafi ake fara ɗauka. Kuɗin da zan kawo na misali ne, tunda farashi ba ya zama wuri ɗaya, amma hanyar lissafin ba ta canzawa. Mu ce wankin hoto mai inci 8 da 10 tare da firem ɗinsa yana cin naira 3,500. Ƙananan hotuna biyu masu inci 5 da 7 suna cin 1,000. Man janareto, data da kuɗin abin hawa zuwa wurin wanki, idan aka raba su a kan kowane kwastoma, mu ce 500. Jimla 5,000 ke nan. Idan yana sayar da wannan haɗi a kan 8,000, ribarsa 3,000, a ciki zai sallami yaronsa ya biya haya. To idan ya zabge rabi, 4,000 zai karɓa, wato yana cika 1,000 daga aljihunsa a kan kowane mutum, kuma iya yawan masu zuwa iya yawan asararsa. Daga nan abu biyu kan faru: ko dai ya ƙara farashin asali a asirce don rangwamen ya zama na baki, ko ya fara kawo sharuɗɗan da bai rubuta ba bayan mutum ya riga ya zauna a gaban kyamara. Kowanne ya yi, unguwa za ta sani kafin mako ya zagayo.

Akwai mafita a cikin al'adar cinikinmu, wato gyara. Mai sayar da gyaɗa ba ya rage kuɗin mudu, ƙara maka ɗan kaɗan yake yi a kai, kai kuma ka tafi kana jin an mutunta ka. Gyaran da ya fi dacewa da ɗalibin da ya gama sakandare shi ne hoton fasfo. Zai buƙace shi wajen cike takardun shiga makaranta ta gaba, da wajen buɗe asusun banki, da wajen rajistar sake jarrabawa idan ta kama. Fasfo takwas suna fita a takarda ƙarama, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, ga shi kuma yaron yana zaune a gabanka, fitila a kunne. Abin da ya fi burge ni da wannan gyara shi ne yana yi wa wanda ya ci da wanda zai sake amfani daidai wa daida, ba sai an tambayi kowa me ya samu ba.

Abu na gaba da lissafi zai nuna shi ne iyakar abin da shagon zai iya. Ɗaukar iyali guda, da shiryawa da gyara hula da lallashin ƙaramin ƙane, yana cin kamar minti goma sha biyar. Mutum huɗu a awa ke nan. A awa takwas, a takarda talatin da biyu ne, amma idan aka cire lokacin salla, cin abinci, ɗauke wuta da masu makara, ashirin ya fi kusa da gaskiya. Mai firem yana ɗaukar kwana uku a lokacin da ba cunkoso, yanzu kuwa duk masu hoton garin suna kansa. Don haka a talla kwana biyar za a rubuta, a ba da a kwana huɗu, mutum ya ji daɗi. Wanda ya rubuta "a karɓa gobe" alhali ba shi ke wanki ba ya ɗauki alkawari da hannun wani.

Da wannan lissafi a hannu, ga yadda tallar za ta koma:

"Iyaye, barkanmu da ganin wannan rana. Ɗanku ko 'yarku ta kammala sakandare bana? Ku zo da su mu ɗauke ku hoto tare. Babban hoto ɗaya mai inci 8 da 10 a cikin firem, da ƙanana biyu, a kan naira 8,000. Gyara: fasfo takwas na cike takardun makaranta. Akwai rigar yaye da hula a shago, ba sai kun biya haya ba. Ana karɓar hoto bayan kwana biyar. Mutum ashirin muke ɗauka a rana, daga Asabar zuwa Alhamis, har ƙarshen Agusta, don haka a kira a kama lokaci. Muna daura da babban masallacin Juma'a na unguwa. Allah ya sanya albarka a karatun."

A lura da wanda aka kira da farko. Yaro ɗan shekara goma sha bakwai shi ne a cikin hoton, amma ba shi ne mai biya ba. Uwa ce, ko uba, ko babbar yaya mai aiki, ko kawu. Saboda haka aka yi magana da "ku" ta girmamawa, aka bar "kai" da "ke". Wannan ya kuma kawar da wata matsala da masu talla ba sa lura da ita: idan ka rubuta "ka ci jarrabawa", ka bar 'yan mata a waje, alhali a unguwanni da yawa iyayen 'yan mata sun fi ɗokin hoton, musamman idan ita ce ta farko a gidan da ta kai wannan mataki. Idan shagon yana da mace mai ɗaukar hoto, ko wani sashe da mata za su gyara mayafi a natse, a faɗa a cikin tallar, domin gidaje da dama wannan layi kaɗai suke jira kafin su yarda su zo.

A lura kuma cewa "mutum ashirin a rana" ba dabarar tsorata mutane ba ce, gaskiyar ƙarfin shagon ce. Bambancinta da "saura kaɗan, ku yi sauri" shi ne ana iya gwada ta. Addu'ar ƙarshe ma an zaɓe ta ne da kula. "Allah ya sanya albarka a karatun" tana shiga gidan wanda ya ci da na wanda bai ci ba, Musulmi da Kirista duk za su ce amin.

Idan rediyo za a kai, sai an rage. Daƙiƙa talatin ba ta ɗaukar fiye da kalma sittin zuwa saba'in idan ana so mai sauraro ya fahimta, kuma kunne ba ya riƙe lamba uku a jere. A zaɓi farashi ɗaya, kwatance ɗaya, a maimaita sunan shago sau biyu. Girman hoto da inci ba ya shiga kunne, gara a ce "babban hoto na ratayewa a falo". A kyallen bakin titi kuwa, wanda mai babur zai gani yana wucewa, layi uku sun isa: abin da ake yi, kuɗinsa, lambar waya da manyan baƙaƙe.

Yanzu sai sharaɗin nan na "duk wanda ya zo da sakamakonsa", wanda nake ganin ya kamata a daina shi gaba ɗaya. Takardar sakamako tana ɗauke da cikakken sunan yaro, lambar jarrabawarsa, makarantarsa da makin kowane darasi. Ba abin da ya haɗa mai hoto da waɗannan. Wasu ma har ɗaukar takardar suke yi a waya su ɗora a shafin shago da sunan taya murna. Yawancin waɗannan ɗalibai ba su kai shekara goma sha takwas ba, kuma dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ce sai da amincewar iyaye ko mai riƙo ake amfani da bayanan yaro. Ko ba doka, kowa ya san abin da zai biyo baya idan uba ya ga hoton 'yarsa budurwa yana yawo a wayoyin mutane an manna masa farashi. Biyan kuɗin hoto ba izinin talla da shi ba ne. Mai son nuna aikinsa ya tambayi iyaye a fili: "Hajiya, kin yarda mu sa wannan hoton a tallarmu?" Idan ta yarda, ya roƙe ta ta turo amsar a rubuce ko da saƙon murya, ya ajiye. Idan ta yi shiru ko ta ce sai ta tambayi maigida, a ɗauka ba a yarda ba. Hoton firem a jikin bango, ko riga da hula a rataye, ko ɗalibi an ɗauke shi ta baya, duk suna isar da saƙo ba tare da fuskar kowa ba.

Mai shagon kyauta matsalarsa ta ɗan bambanta. Shi wanda yake shigo masa yawanci bai san abin da yake so ba, abin da ya sani kawai shi ne nawa ke aljihunsa. Don haka tallar da ke jera kaya, agogo, turare, jaka, kofi, alƙalami, ba ta rage masa wahala. Wadda ke aiki ita ce mai farawa da mai bayarwa da kuɗinsa: "Gwaggo, za ki je barka? Da 5,000 akwai kofi mai sunan 'yarki da littafin rubutu, an naɗe. Da 15,000 akwai jakar goyo da fitila mai caji, ga wadda za ta tafi makarantar kwana ko jami'a." Mataki biyu ko uku sun wadatar. Kuma a ajiye layi ɗaya saboda ɗaya gidan, ba tare da an ambaci faɗuwa ba: "Akwai kuma abin ƙarfafa gwiwa ga masu shirin zama na gaba." Iyaye da yawa suna son su yi wa yaron da bai dace ba wani abu, sai dai ba wanda ya nuna musu cewa hakan ma ana yi.

Duk kayan da za a buga wa suna, wajibi ne tallar ta faɗi abu biyu: za a ba da kafin alƙalami, kuma mai saye ne zai turo sunan a rubuce. Muhammad, Muhammed da Mohammed a baki ɗaya ne, a takardar makaranta kuwa uku ne. Haka A'isha, Aisha da Aishatu. Ɗahiru da Ɗanladi suna da ƙugiya, kuma ba kowane salon rubutu na kwamfuta ke fitar da ita ba, wani sai ya bar ɗan akwati a gurbin harafin. A tura wa mai saye samfurin ya duba ya ce ya yi, sannan a buga. Kofin da aka buga da kuskuren suna ba ya sayuwa ga kowa.

Kada a ɗauki tallar sakandare a manna wa saukar Alƙur'ani. Sauka tana da lokacinta, makarantun Islamiyya da yawa suna yin ta gab da azumi, kuma tana da harshenta. Ba a cewa "zakara" ko "ya lashe", cewa ake yi ya sauke, ko ta haddace izu sittin, Allah ya ba da ikon aiki da shi. Kayan hoton ma daban ne: allo mai zayyana, alkyabba, rawani, farin hijabi. Kiɗan da aka sa a bayan tallar yaye ba ya dacewa a nan. Mai hoton da ya rubuta cewa yana zuwa har wurin walima, ya kuma faɗi kuɗin zuwan, ya fi wanda ya tsaya yana jira a shago samun aiki, domin ranar sauka iyali ba su da lokacin fita.

Game da lokacin sakin talla, ba a fafa gora ranar tafiya. Ta yaye tana fita mako biyu kafin makarantun unguwa su yi bikinsu, kuma ranar bikin a wurin shugaban makaranta ake jin ta, ba a jita-jita ba. Ta sakamako a rubuta ta tun kafin ya fito a ajiye, amma kada a sake ta a daren da aka sanar. A wannan dare mutane suna fama da katin duba sakamako da shafin da ya ƙi buɗewa, zukata kuma ba su kwanta ba. A bari kwana biyu ko uku su wuce. Idan NECO ta fito sai a sake ɗora ta da sabuwar ranar rufewa, domin yara da yawa da WAEC ba ta yi musu daɗi ba a nan suke cike giɓin, kuma murnar gidansu a lokacin take farawa.

Ta yaya mai shago zai gane ko rubutunsa ya yi aiki? Ba da yawan waɗanda suka kalla ba. Ya duba tambayoyin da ke shigowa. Idan mutum biyar sun turo "nawa ne?", farashin bai fito sarai ba. Idan ana ta kira ana neman kwatance, alamar da ya bayar ba sananniya ba ce. Idan ana zuwa ana gardama a kan abin da ke cikin haɗin, akwai jimlar da ke ɗaukar ma'ana biyu, ya nemo ta ya gyara a ranar. Idan kuwa saƙon da ke shigowa shi ne "akwai wuri ranar Talata da la'asar?", to tallar ta gama aikinta, saura na kyamara. Ya kuma riƙa tambayar kowane mai zuwa inda ya ji labari, ya rubuta a bayan littafin rasit, don baɗi ya san ko kuɗin rediyo ya biya kansa.

Kafin ka ɗora tallarka ta bana, mai shago, ka karanta ta da ƙarfi sau biyu. Karon farko ka sa kanka a matsayin uwar da 'yarta ta ci, ka ga ko ta san nawa za ta riƙo da ranar da za ta karɓi hotonta. Karo na biyu ka sa kanka a matsayin uwar da ɗanta zai sake zama. Duk layin da zai sosa mata rai, ka cire shi kafin ka tura.